Saƙon Shitu Zuwa Ga Manaja

Shitu mai jan tarakta ne a Mahuta. Shekara tara ya yi a kan motar Alhaji Lawal, yana riƙe da ita hannu biyu kamar 'yarsa, har ranar da Alhaji ya sayar da ita ya koma harkar hatsi a Funtua. Tun daga nan Shitu ya zauna. Damina ta ƙarato, kowa na gyaran gona, shi kuwa sai zagayen tsakar gida.

Ran nan aka turo sanarwa a WhatsApp: wata babbar gona a hanyar Danja na neman direba. Mai so ya turo saƙo a rubuce, gajere, kafin azahar ɗin Alhamis. Ban da kira, ban da saƙon murya.

Nan Shitu ya maƙale. Shi duk inda ya taɓa neman aiki, da ƙafarsa ya je, ya tsuguna, ya gaida mutum da iyalinsa. Yanzu ga lamba kawai, ko sunan mai ita babu.

Ya rubuta sallama. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya yi fatan alheri ga iyaye. Layi goma sha biyu, bai ambaci tarakta ba.

Matarsa Sabuwa, wadda ta yi sakandare a Malumfashi, ta karɓi wayar ta duba.

"Malam, aiki kake nema ko auren 'yarsa?"

"To in faɗa wa mutum haka kawai, ba gaisuwa? Ai sai ya ce ba ni da tarbiyya."

"Mutum ɗari ne za su rubuto masa. Kafin ya gama amsa maka gajiya ya ɗauki wani."

Ya goge, ya sake. Ya yi gajere, ya ga kamar zagi. Ya ƙara, ya koma dogo. Ranar Alhamis da hantsi Sabuwa ta zaunar da shi suka rubuta:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Sunana Shitu Garba, daga Mahuta. Ina neman aikin direban tarakta da kuka sanar. Na yi shekara tara ina haro da huɗa, kuma ina ƙananan gyare-gyare. Alhaji Lawal, tsohon maigidana, zai ba da shaida, ga lambarsa a ƙasa. Na gode."

Ya tura yana jin nauyi, kamar ya shiga gidan mutane ba sallama. Alama biyu suka fito, can suka yi shuɗi. Shiru.

Har la'asar yana riƙe da wayar, yatsansa na kan kira.

"In ka kira, ka fita daga lissafi," in ji Sabuwa.

Ya ajiye. Washegari amsa ta zo, layi ɗaya: "Ka zo Litinin, ƙarfe takwas, gwaji. Ku bakwai ne."

Shitu ya rubuta "Na gode, ranka ya daɗe." Ya daɗe yana kallon sauran filin rubutun da ba gaisuwa a ciki, sannan ya tura haka.