Kajin Inna Mai Ƙwai da Tambayoyin Daga-Ina

A bene na biyu na bankin, bayan ɗakin da ake ajiye tsofaffin kujeru, akwai wani ɗan ofis mai taga ɗaya, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Nan mutumin da ma'aikata suka laƙaba wa Daga-Ina yake zama. Sunan bai zo masa a banza ba. Duk kuɗin da ya faɗo asusun wani ba a saba ganin irinsa ba, takarda takan hau benen nan, shi kuma tambayarsa ɗaya ce, kuɗin nan daga ina?

Ya fara aiki ne a kantar banki yana ƙirga kuɗi, amma bai daɗe ba manaja ya gane cewa layinsa ya fi na kowa tsawo, saboda sai ya tsaya hira da kowane mai ajiya ya ji sana'arsa. Maimakon a kore shi, aka ɗauke shi aka kai inda surutun zai yi amfani. Halin ya bi shi har gida. Matarsa takan ce ko sabon mayafi ta yafa, kafin ya ce ya yi kyau sai ya ɗan yi shiru, ta san abin da yake haɗiyewa. Shi kuwa yakan rantse ba zargin kowa yake ba, so kawai yake labari ya zauna daidai.

Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa tara lambobi ne. Ba haka ba ne, ko kuma ba shi ke nan ba. Mai asusu yakan rubuta a takardar bayanin tushen kuɗi cewa ga sana'arsa, ga inda wannan kuɗin ya fito. Daga-Ina sai ya ajiye takardar a gefe, ya buɗe shige da ficen asusun na watanni, ya duba ko tafiyarsu ɗaya. Albashi yakan zo sau ɗaya a wata daga wuri ɗaya. Mai shago kuɗinsa kan shigo kaɗan-kaɗan daga hannaye da yawa, ya fita dunƙule zuwa wurin sari. Jimla tana iya yin daidai amma tafiyar ta ƙi, kuma a tafiyar ne ƙarya ta fi yawan tuntuɓe. Idan ya gamsu ya saki, idan da saura ya nemi ƙarin shaida, idan abin ya yi wari ya miƙa wa manyansa ba tare da ya ce wa mai asusun uffan ba.

Wata safiya aka hau masa da takardar wata dattijuwa mai kiwon kajin ƙwai, wadda duk bankin ke kira Inna Mai Ƙwai. Kuɗi ne ya shigo asusunta, ya ninka abin da take gani a wata sau da yawa, kuma tun bai huce ba ta nemi a tura shi duka ga wani kamfanin da ba ta taɓa biya ba. Kwamfuta ta riƙe biyan, aka ba Inna takarda ta cike. A gurbin tushen kuɗi ta rubuta kalmomi biyu da manyan baƙaƙe: cinikin ƙwai.

Bai gama karantawa ba ya ji takun mutum a matakala, ana hawa ana mita. Inna ce da kanta, jaka a hammata, tana haki.

"Kai ne ka zauna a kan kuɗina?"

"Ni ne, Inna. Ga kujera, ki huta tukuna."

"Ɗana, ban zo hutu ba. Na sayar da tsofaffin kajina kaf, keji ba kowa sai gashi. Kamfanin nan ya ware mini sababbi masu shirin fara ƙwai, sun ce in ban biya ba kafin ƙarshen makon nan za su ba wani. In suka wuce ni sai bayan watanni. Mai gidan burodin da nake kai wa ƙwai kuwa ba zai jira ni ba."

Daga-Ina ya ji tausayinta, ya kuma ji daɗi a lokaci guda, domin ta riga ta amsa rabin tambayarsa ba ta sani ba. Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ga kuɗin mai gidan burodi, yana shigowa sau biyu a wata, kusan kai ɗaya, wannan kam ya yi kama da ƙwai. Amma babban kuɗin daga wani mutum dabam ya zo, kuma ƙwai ba ya zuwa haka dare ɗaya.

"Ai dillalin kaji ne," in ji ta. "Kuɗin tsofaffin kajin ne."

"To me ya sa kika rubuta ƙwai?"

"Su wa suka yi ƙwan?"

Ya yi dariya har fankar ta ji. Ya ce mata a takarda kaza daban, ƙwanta daban, za a gyara. Sannan ya ce akwai abin da ya ɗaure masa kai tun safe: duk watannin nan bai ga ko sau ɗaya an biya kuɗin abincin kaji daga asusun ba.

"Inna, kajin naki azumi suke yi?"

Ta harare shi, ta zuge jaka, ta zube masa rasit na mai sayar da abincin kaji, wasu da tabon mai, wasu sun nannaɗe. Masu sayen kiret ɗaya ko biyu a ƙofar gida kuɗi a hannu suke ba ta, da shi take sayen abinci, bai taɓa ganin banki ba. Ya jera rasit ɗin, ya ga yawan buhunan ya yi daidai da cikin kaji ɗari biyar da ta ce tana da su. Wannan ma ya zauna.

Saura abu ɗaya. Kuɗin dillalin kashi biyu ya shigo. Na farko da 'yan canjinsa a wutsiya, irin na kaya da aka ƙirga aka buga da farashi. Na biyu washegari, dunƙulalle sumul ba ko ɗigo. Daga-Ina ya kira masu sayar da kaji biyu ya ji farashin tsohuwar kaza, ya raba jimlar da ɗari biyar. Kashin farko kaɗai ya biya kajin. In aka haɗa da na biyu, kowace kaza ta tashi da ƙarin rabin kuɗinta.

Da ya faɗa mata, Inna ta gyara zama, fuskarta ta washe.

"Ai nan ne ba ka san ni ba. Ciniki na yi. Na tsare shi da ido na ce kajina ba irin na kowa ba ne. Ya tafi yana gunaguni, washegari ya kira ya ce ya yi tunani, ya ƙaro. Duk layinmu an ji labari."

Daga-Ina ya daɗe a duniya bai ga dillalin da ya kwana ya tashi da nadamar arha ba. Bai ga alamar ƙarya a fuskarta ba, amma gaskiyar fuska ba ta shiga fayil. Kuɗin da ya biyo ta hannun wani ba a san mafarinsa ba, kuma zai fice nan take, shi ne ainihin abin da aka ajiye shi a ɗakin nan ya tsare. Ya ce ta kawo masa takardar ciniki daga dillalin, mai yawan kaji da farashi. Ta tafi tana cewa bankin nan sai ya nemi takardar haihuwar kowace kaza.

Washegari da hantsi ba takarda ce ta fara zuwa ba, wata matashiya ce da farar rigar asibiti a ƙarƙashin mayafi. Ta ce ita 'yar Inna ce, ma'aikaciyar jinya.

"Malama, ba zan iya yi miki maganar asusun wani ba, ko da na mahaifiyarki ne," in ji shi.

"Ba sai ka ce komai ba, Malam. Ni zan yi magana."

Ta ce kuɗin kajin ba zai kai na sababbin ba, ta sani, Inna ma ta sani. Amma tun rasuwar mahaifinsu Inna ta yi rantsuwa ba za ta karɓi ko sisin 'ya'yanta ba, ita ce mai bayarwa. Shi ne ta tara daga albashinta, ta tura wa dillalin, ta roƙe shi ya ƙara a matsayin kuɗin kaji. Jiya da Inna ta nemi takarda, dillalin ya kira ta hankali a tashe, ya ce shi fa ba zai rubuta farashin ƙarya ba. Ta ajiye takardun albashinta, da bayanin asusunta mai nuna ranar da ta tura masa, adadin daidai da kashi na biyu.

"Don Allah ka saki kuɗin, kada ta sani."

Wannan ne wurin da aikin yake masa ɗaci. Labarin ya zauna daram, har ya fi yadda yake fata. Amma takardar bayanin ta mai asusu ce, ita za ta sa hannu, kuma ba zai miƙa wa dattijuwa alƙalami ta sa hannu a kan abin da ya san ba haka yake ba. Ya gaya wa yarinyar haka a hankali. Ya ce abin da zai iya shi ne ya ba su ɗakin, ya kuma yi shiru, wanda a wurinsa ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Da rana suka dawo tare, Inna riƙe da takardar dillali ba ta ko buɗe ba. 'Yar ta durƙusa gefen kujera ta faɗi komai. Daga-Ina ya ƙura wa fanka ido kamar yau ya fara ganinta.

Can Inna ta nisa.

"Wato ban iya ciniki ba ke nan."

"Kin iya, Inna."

"Rufe mini baki. Har mai kayan miya na tsayar a hanya na ba shi labari." Ta juyo kan Daga-Ina. "Kai kuma da ka bar ni da daɗina, me zai ragu a jikinka?"

"Da na bari, Inna, da kajin sun wuce ki."

Ta yi tsaki, amma ta jawo sabuwar takardar. Ya nuna mata gurabe biyu. A na farko aka rubuta sayar da tsofaffin kaji ɗari biyar, aka maƙala takardar dillali. A na biyu ya tambaya ko kyauta za a rubuta ko rance, domin kowanne da irin takardar da 'yar za ta sa wa hannu. 'Yar ta ce kyauta, Inna ta ce rance, suka yi ta ja har ya fara tunanin kamfanin zai rufe kafin su gama. Daga ƙarshe ya ce wadda ta ba da kuɗin ita ta san niyyarta.

"Kyauta ce, Inna. Tun ina aji ɗaya kike sayar da ƙwai kina biya mini makaranta. Ki bar ni sau ɗaya."

Daga-Ina ya ɗauki alƙalami zai rubuta kyauta daga dangi, kamar yadda aka saba. Inna ta dafe takardar.

"Wane irin dangi? Ba ni nan."

Ta karɓa, ta goge ido da bakin mayafi, ta rubuta da manyan baƙaƙen nan nata, a hankali, har ta fita daga layi: kyauta daga 'yata, ma'aikaciyar jinya, da guminta. Ta sa hannu.

Ya haɗa takardun, ya rubuta dalilinsa, ya kai wa shugabarsa ta duba ta sa hannu na biyu, aka saki biyan kafin a tashi. Da saƙon ya shigo wayar Inna, ta miƙa wa 'yar ta karanta mata sau biyu. Sannan ta miƙe, ta rataya jaka, ta kama hannun yarinyar don sauka daga matakala.

"Gobe ki zo da wuri ki taya ni wanke keji," in ji ta. "Tunda kin sa kuɗinki, kajinki ne ke ma."