Ragon da Ake Kira Girbi

Gwaggo Luba, yayar mahaifinmu, tana zaune a Madabo, amma gonar shinkafar da mijinta ya bari tana can wajen Kura. Tun da ya rasu ita ke riƙe da ita. Akwai wani mutum, Gwadabe, da ke kula mata da aikin, suna magana ta waya.

Gwaggo ba ta ajiye kuɗin noma a banki. A turke take ajiye su, kamar yadda iyayenta makiyaya suka saba. Duk kaka, in ta sayar da shinkafa, sai ta sayo ƙananan raguna ta ɗaure a bayan ɗakinta, kowanne da sunan aikin da zai biya. Akwai Dashe, na iri da huɗa da masu dasawa. Akwai Taki, wanda take sayarwa gab da Babbar Salla lokacin da rago ke daraja, ta sayi takin kamfa da yuriya. Akwai Ciyawa, na feshi da masu cira. Sai Girbi, na masu yanka da bugu da buhuna da mota. Na ƙarshe Ko-ta-kwana, saboda abin da ba a zata ba.

Bara taki ya yi tsadar da sai da ya cinye ragonsa ya haɗa da Ko-ta-kwana. Da damina ta ja baya, Girbi kaɗai ya rage a turke.

A makon da shinkafa ta sunkuyar da kai ta yi ruwan ɗorawa, Bahijja, matar ɗanta Nu'uman, ta haifi namiji. Nu'uman tela ne, kuma asibiti ya kwashe abin da ya tara, don aiki aka yi mata. Ya shigo gida ya durƙusa, idonsa na kan turke.

"Inna, ki ba ni wancan in yanka ranar suna. In an yi girbi sai mu sayi wani."

"Da me za a yi girbin?" in ji ta. "Wancan ba rago ba ne, lauje ne."

Bappa Ilu, ƙaninta, yana wurin. Ya ce, "Haba Yaya! Jikanki na fari? A ce a Madabo gidan da ke kiwon raguna an yi suna ba yanka? Ki karɓi kuɗi wurin masu sayen shinkafa mana."

"Su auna mini ita tun tana tsaye, a farashin da suka ga dama? Sai in shiga baɗi da turke ba komai."

Ta faɗi haka, amma ba ta kai ragon kasuwa ba. Ta ba shi dusa, ta tsaya tana kallonsa. Gwadabe ya kira da safe, ya sake kira da azahar. Ya ce kowa ya fara yanka, masu aiki sai wanda ya ba da kafin alƙalami, kuma kullum kuɗinsu ƙaruwa yake. Washegari muryarsa ta canza.

"Hajiya, tsuntsu ya sauka. In ka taɓa zangarniya ƙwaya zuba take. Ga hadari jiya ya haɗo ta gabas. In ruwan ƙarshe ya kwantar da ita, ni ba ruwana."

Gwaggo ta ajiye wayar a kan tabarma. Daga ɗakin mai jego ana jin kukan jaririn. Nu'uman yana tsaye a bakin soro. Ta tashi ta kwance igiyar da hannunta, ta tako har gabansa, ta miƙa masa.

"Kai shi kasuwa, ka tura wa Gwadabe kuɗin. Kai nake so ka kai shi. Abin da matarka za ta ci ta shayar da yaron nan, a Kura yake."

Ya daɗe kafin ya karɓa. Bai dube ta ba ya ja ragon ya fita, ya tare adaidaita.

Ranar suna liman ya raɗa wa yaro Abdulmuttalib, aka raba dabino da goro. Gwaggo tana jin wata maƙwabciya na tambaya da ƙarfi ko naman ne bai dahu ba. Ta ci gaba da zuba wa baƙi kunu.

Masu yanka sun shiga gona kafin ruwa, ko da yake jinkirin nan ya bar wa tsuntsaye da ƙasa rabonsu. Buhunan sun gaza na shekarar da ta wuce. Da motar ta sauke su a ƙofar gida, Gwaggo ta sayar da kaɗan, ta sayi madaidaicin rago aka yanka wa yaron. Nu'uman ya ci naman, amma sai da aka yi arba'in kafin ya koma zama hira a ɗakinta.

Bana raguna shida ne a turke. Na tambaye ta sunan na shidan. Ta leƙa ɗakin Bahijja, ta rage murya ta ce, "Suna."