Amsar da Mailafiya Ya Aika wa Barmo

Ƙanena Mailafiya bai taɓa yin sauri ba a rayuwarsa. Ko haihuwarsa sai da innarmu ta kwana biyu tana jira. Yana da shago a Belbeji, bayan kara, inda ake cinikin shanu da raƙuma, kuma daga babanmu Zakiyyu ya gaje shi da duk abin da ke ciki: dusa, kantun gishiri, kanwa, igiya, guga, ganyen shayi da sukari. Ya gaji masu sayen ma. Yawancinsu makiyaya ne na arewa, wajen Tenhya, kuma babbansu shi ne Barmo, wani dattijon Bafulatani da ya yi shekara talatin yana shan shayi da babanmu a ƙofar shagon nan. Inda Barmo ya saya, nan rugarsa duka ke saya, gida kusan arba'in.

Ni Lantana, yayarsa, sakatariya ce a meri, ofishin magajin gari. Ni ce mai saurin gidanmu, kuma ni na jawo abin da zan ba da labari.

Tun da makiyaya suka sami waya, sai su hau tudu inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa su aiko wa Mailafiya saƙon murya ta WhatsApp. Akwai dusa? Wane gishiri ya zo? Motar kasuwa za ta taso? Tambaya uku ce kullum, amma daga bakin mutum hamsin. Ran kasuwa za ka gan shi da buhu a kafaɗa, waya a kunne, layi a gabansa, yana amsa wa wanda ke daji yana ɓata wa wanda ke tsaye rai. Abin ya ishe ni. Wata Lahadi da hantsi na zo na zauna kan buhun dusa na ce ya miƙo wayar.

Na sauko masa da WhatsApp ɗin 'yan kasuwa, muka sa lambarsa ta da, tsofaffin hirarrakinsa suka biyo shi babu wadda ta ɓata. Sai shafin shago. A wurin suna yana son a rubuta wani dogon abu da Faransanci, irin na manyan kantunan Damagaram.

“Wa ya san ka da wannan?” na ce. “Ko kai ba ka iya faɗarsa sau biyu.”

Muka rubuta Shagon Mailafiya. A wurin bayani muka sa kayan bisashe da na shayi. A wurin adireshi muka sa bayan kara, na kuma kafa alama a taswira, ko da yake duk wanda zai zo wurinsa raƙuminsa ma ya san hanya. Lokutan buɗewa suka ba mu wahala, don shi bai san ƙarfe nawa yake buɗewa ba, ya dai san bayan ya karya kumallo ne. Na ƙaƙaba masa takwas.

Katalog ya fi masa daɗi. Ya shimfiɗa tabarma a inuwa yana jera kaya ɗaya ɗaya, ina ɗaukar hoto, ina sa suna da kuɗi da ɗan bayani. Kantun gishiri sai da ya goge shi da rawaninsa kamar zai kai shi biki. Kowane kaya ya ɗan jira a duba shi kafin ya fito ga jama'a, zuwa la'asar duk sun fito. Nan fa na ga amfanin abin da ban ma yi tunaninsa ba: matan ruga ba su karatun boko, amma hoto ba ya neman karatu. Mace ta ga igiyar da take so, ta turo hotonta, magana ta ƙare.

Sai amsoshin gaggawa. Na nuna masa yadda ake rubuta magana sau ɗaya a ajiye ta da ɗan gajeren suna. In ya taɓa sandar nan mai karkata, jerin ya fito, ya zaɓi wadda yake so, ta faɗa wurin rubutu, ya tura. Muka yi /akwai, muka yi /babu, muka yi /mota mai faɗin ranar da motar arewa ke tashi. A kowace ruga ba a rasa mai karanta wa mutane, a ta Barmo ɗan ƙanensa ne, Malam Yusuf.

Amsa ta huɗu ni na kawo ta. Na san saƙon Barmo: sai ya gai da kai, ya gai da gida, da gajiya, da rana, da kasuwa, da maƙwabta, ya kuma amsa wa kansa cewa su ma lafiya, bisashe lafiya, rijiya lafiya, kafin ya zo kan dusa. Na ce minti biyu na gaisuwa ran kasuwa zalunci ne. Na rubuta: “Lafiya lau, alhamdu lillahi. Madalla, mun ji daɗi. Me za a aiko?” Na sa mata suna /lafiya.

Mailafiya ya karanta a hankali yana bi da yatsa.

“Yaya, gaisuwa ake ajiyewa kamar kanwa?”

“Ana ajiyewa. Tura ka gani.”

Wata biyu abin ya tafi daidai. Har daga Falanko aka fara turo masa hoton guga ana tambaya. Layin ƙofar shago ya daina gunaguni. Ƙanena ya koyi sauri a shekara arba'in da shida, ni kuma ina yawo ina faɗa wa mutane aikina ne.

Ran wata kasuwa cikin bazara saƙon Barmo ya shigo, minti uku da wani abu. Mailafiya ya sa a kunne, ya ji “muna lafiya, gida lafiya, bisashe lafiya,” ga mutum shida suna jiran awo. Ya tsayar, ya taɓa sandar, ya tura /lafiya, ya jefa wayar aljihu.

Abin da ni da shi muka sani tun muna yara, muka kuma manta, shi ne mutumin kirki ba ya buɗe baki da mugun labari. Ko gawa na kwance a bayansa sai ya ce lafiya, ya gama gaisuwa tsaf, sannan ya ce sai dai.

Kwana biyar babu saƙo ko ɗaya daga rugar Barmo. Motar arewa ta tashi babu buhunsu. Mailafiya ya zo meri ya same ni, fuskarsa ba daɗi, ya ce ko wayar ta lalace. Na duba, wayar ƙalau. Na buɗe hirar Barmo na ga saƙon yana tsaye kusa da farkonsa. Na kunna, muka saurara tare, a gaban takardun haihuwar mutane.

Bayan gaisuwar sai muryar ta yi ƙasa. “Sai dai, ɗan Zakiyyu, Dado ta riga mu. Jiya da azahar. Mun rufe ta. A cikin gari kai na fara faɗa wa, don babanka ne ya ba ni turmin zanen da na kai gidansu neman aurenta. Ka faɗa wa Lantana.”

Dado matarsa ce. Kowace damina sai ta aiko wa innarmu cuku a ƙunshe cikin tsumma, bayan innarmu ta rasu ta ci gaba da aiko mini. A ƙasan wannan saƙo ga rubutuna zaune: madalla, mun ji daɗi, me za a aiko. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

“Bari in kira shi,” na ce.

“A'a, Yaya. Wayar ta yi nata.”

Washegari ya rufe shago, muka hau wata mota mai zuwa rijiyoyin arewa, da buhun sukari da kwalin shayi. Tun safe muka tashi, sai bayan azahar muka isa rijiyoyin, sauran tafiyar a ƙafa. Malam Yusuf ne ya tarye mu, ya amsa sallama a taƙaice. A hanya ya gaya mana yadda aka yi. Shi ya hau tudu ya dawo da amsar, ya ga alamar saƙon ta yi shuɗi, wato an saurara, sai ya karanta da ƙarfi a tsakiyar masu zaman makoki, yana zaton ta'aziyya ce. Ya kai “mun ji daɗi” kafin ya gane abin da bakinsa ke faɗa. Ba Barmo ne ya yanke hukunci ba. Mutanen ne suka ce an gama da shagon nan.

Muka sami Barmo ƙarƙashin wata aduwa, ya rame. Mailafiya ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Ni na riga shi magana, don halina ne.

“Baba Barmo, ni na rubuta. Ajiyayyar magana ce, ana tura wa kowa. Bai ji ƙarshen saƙonka ba sai jiya.”

Ya juyo ya dube ni.

“Na san ba bakinsa ba ne,” ya ce da Hausarsa ta kasuwa. “Yaron nan bai iya gajeruwar magana ba. Abin da ya ci ni, na yi magana har ƙarshe, ashe ba kowa a wurin.”

Mailafiya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan rairayi. Ya ciro wayar, ya buɗe jerin amsoshin, ya goge /lafiya a gaban tsohon, ko da yake Barmo bai san me ake gogewa ba. Ya ce in ya so a goge sauran ma.

“Hoton gishirin fa?” in ji Barmo.

“Yana nan, Baba.”

“Bar shi. Mata na so. Dado ma ta zaɓi wata igiya a ciki, ba ta samu turowa ba.” Ya gyara zama ya nuna gefen tabarmarsa. “Ajiye abin nan. Zo ka gaishe ni.”

Ƙanena ya matsa ya kama hannunsa, ya fara daga farko. Ina gajiya, ina gida, ina rana, ina bisashe, ina rijiya. Barmo yana amsa lafiya, lafiya, mutanen ruga suna matsowa ɗaya bayan ɗaya suna zama. Ba wanda ya yi sauri, ni ma na kama bakina. Da ya kai ƙarshe ya ce, “Baba, ina haƙuri?”

Tsohon ya ɗago kai ya dube shi. Ya riƙe hannun Mailafiya da hannu biyu, ya daɗe a haka. Sannan ya juya ya ce wa Malam Yusuf a ɗora shayi, ɗan Zakiyyu ya zo, kuma a nan zai kwana.