Ƙarfe Goma, Uzuri

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana sakatariya, har sunan ya bi ta gida. A zamaninta, manaja bai gama rataye kwat ba ta tsaya da littafinta mai baƙin bango tana karanto masa ranarsa: wa zai gani, wa zai guje wa. Ta yi wa manajoji biyar haka, kowanne ya tafi yana ganin shi ne mai tsari. Har yau tana kewar ƙarar tafireta da ƙamshin sabuwar takarda.

Da ta yi ritaya, sai ta koma kan autarta, wadda ta zama lauya. Auta ta buɗe mata kalandarta ta waya, Sakatariya ke shigar da komai. Kullum da safe, Auta na gaban madubi za ta ce wa 'yar na'urar da ke kan tebur, "Ina kwana," muryar ta soma jero alƙawuran ranar, sannan ayyukan da ke jira. Lokaci da kan magana kawai take faɗa, ba ta karanta bayanin da ke ƙasa. Sakatariya ta raina muryar, wai ba ta san inda ake sassautawa ba. Amma ba ta taɓa fashin saurare daga kicin ba.

Sai likita ya sa mata ranar aikin ido, ya ce lallai ta zo da wanda zai riƙo ta zuwa gida. Ita kuwa ba ta taɓa sa kanta a littafin kowa ba. Mako uku tana juya abin, tsoro na cin ta, ta kasa gaya wa Auta. Ƙarshe ta buɗe kalandar Auta ta rubuta "Uzuri" a sama, ta tura gaskiyar can ƙasa.

Ranar, tana riƙe da buta ta ji muryar: "Ƙarfe takwas, kotu. Ƙarfe goma, uzuri."

Auta ta leƙo, ɗan kunne ɗaya a hannu. "Mama, wane uzuri kuma?"

"Kuskure ne. Yi tafiyarki, kada ki makara."

"Ke da kuskure? Yaushe aka fara?"

Auta ta buɗe wayar ta karanta bayanin. Sannan ta kira abokiyar aikinta ta riƙe mata zaman kotun.

"Tun ina firamare ke kike tsara min rana," in ji ta. "Likitan haƙori ma da sunansa kike sa shi."

Ta goge kalmar, ta rubuta wata, ta koma ɗaki ta sake ce wa na'urar ina kwana. Muryar ta soma daga farko, ba sassauci kamar kullum: "Ƙarfe takwas, kotu. Ƙarfe goma, Mama."

Sakatariya ta ajiye butar. "Goma saura kwata," ta ce. "Ba a zuwa wurin likita daidai kan lokaci."