Kallabina a Kan Yaya

Matan layinmu a unguwar Tayuri, nan Sabha, sun ce kunya ce ta sa na rufa wa Yaya jiki a hoto. Ba su gane ba. Ni ban ji kunyar damtsenta ba, tare muka yi wanka a baho ɗaya. Inna nake tunani, can a Damagaram, wata takwas maƙwabta suna yi mata jaje a fakaice, har wasu na cewa ruwa ya ci 'yarta. Hoto take so wanda za ta miƙa wa kowa ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Tare muka zo Sabha da Yaya. Daga baya ita ta wuce arewa, wajen teku, ni na tsaya a shagon hoto na wani Balarabe, ina yanke hotunan fasfo. Da ta tashi tunawa da mu, hoto ɗaya ta turo: tana zaune a kan benci, hannu ɗaya a ƙugu, tana dariya, rigar atamfa ba hannu, kai ba kallabi. Na ce ta sake wani. Ta ce, "Ke kam ba kya gajiya da tsari. Aiki nake, ki tura hakan." Daga nan wayarta ta sake mutuwa.

Na fara da manhajar waya, irin wadda ake rubuta wa abin da ake so. Ta sa hannun riga da kallabi cikin minti ɗaya, amma ta haske mata fata, ta toshe wushiryarta, ta sauko da hannun daga ƙugu. Wata kyakkyawa ce ta fito, ba 'yar Inna ba. Na goge.

Sai na koma ordinatar shago, wato kwamfuta, da tsakar rana, lokacin da mudir, mai shagon, ke tafiya cin abinci kuma titi ke yin tsit. Fuskar ban taɓa ta ba. Na kwafi atamfar daga siket ɗinta, na lanƙwasa zanen ya bi damtsen, ya karye a gwiwar hannu, ya tsaya a wuyan hannu. Da farko kamar an manna takarda. Rana daga hagun hoton take dukanta, don haka na haska gefen hagu, na duhunta ƙasan hannun, na zana tattarar yadi inda gwiwa ta lanƙwashe. Kwana uku ina kan hannu biyu.

Kallabin ne ya gagare ni. Duk wanda na samo, haskensa daban. Ranar Juma'a da la'asar na ɗaura nawa, na zauna a bakin ƙofar ɗakinmu, ɗakina ke nan yanzu, na juya har rana ta faɗo min ta gefe ɗaya da nata. Babu mai ɗaukata. Na jingina wayar da bulo, na saita ta ƙirga goma, na karkatar da kai yadda ta yi. Sau tara. Har dariyar na yi, ni kaɗai a tsakar gida, don kumatu su ɗaga kallabin daidai.

Washegari na yanke fuskata na jefar, na ɗora kallabin a kanta, na sa siririyar inuwa a goshi da gefen wuya. Mudir ya leƙo ya ce tamam, shi da ba ya yabon komai. Na tura.

Kwana biyu shiru, sai ga vokal ɗin Inna, saƙon murya a waya. Ta yi hamdala ta yi kuka, ta ce an kai hoton gida-gida. Sai ta rage murya.

"Auta, hannun rigar ban ce komai ba, Allah ya yi miki albarka. Amma ni za ki yi wa wayo? Yayarki bahaguwa ce, ƙullinta ba ya faɗawa ta wannan gefen. Wannan ɗaurin naki ne, a cukurkuɗe kamar ana korar ki. Ba wanda ya gane, kuma ba zan faɗa ba."

Na ji akuya na kuka a bayanta. Sai ta ce:

"To ke, wa ya ɗauke ki?"

Vokal ɗin ya yanke a nan. Na saurare shi ya fi sau goma, a tsaye, injin buga hoto na ta gurnani. Shekara uku ina Sabha ban tura mata hotona ba, ita ma ba ta tambaya ba. Wanda ya ɓata ake nema, ni kowa ya san inda nake.

Hotunan tara suna nan a wayata, da fuskata a jikinsu. A na bakwai bulon ya ɗan zame, bangon da ba filasta ya fito, da katifa biyu ta cikin ƙofa, ɗaya a naɗe. Shi zan tura mata gobe, ba zan gyara komai ba, kuma zan gaya mata bulo ne ya ɗauke ni.