Bashin Malam Bara'u

Shekara talatin Malam Bara'u yana sayar da hatsi a kasuwar Birnin Gwari, kuma a bakinsa bashi ba ya mutuwa. Ranar lissafin zakka ya ƙiyasta buhunansa da farashin yau, ya haɗa da kuɗin hannu. Kaɗan ya rage su cika nisabi, sai ya yi hamdala.

Liman, da ke zaune tare da shi wajen lissafin, ya ce, "Bashin Nu'uman na Tabanni fa, Malam? In kana sa ran biya, shi ma dukiya ne."

Bara'u ya tuna rantsuwar da ya yi gaban 'yan kasuwa cewa Nu'uman zai biya. Da ya ƙaryata kansa, gara ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Ya miƙa wa Liman zakkar, shi kuma ya kai wa wani mabuƙaci da bashi ya danne: Nu'uman.