Bututun da Ya Yi Gumi a Bangon Gwaggo

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba wani ya ɗauka ya yi aiki da shi. Amma abin ya ƙi barin raina.

Yayata tana da ɗan wurin yin kindirmo a gidanmu na Kankia, ni ke kula mata da shi. Matan Fulani ke kawo madara daga wajen Kusada. Bututu biyu ne a wurin. Ɗaya na kawo ruwan zafi daga tukunya don wanke kwanoni. Ɗaya na kawo ruwa mai sanyi ƙarara daga injin da ke tsakar gida, ya bi jikin bangon ƙasa, ya ratsa shi ya shiga ɗakin madara. Bangon nan shi ne na ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da muka ɗauko daga Bauranya bayan idonta ya yi rauni. Gadonta a jingine yake da shi.

Da rani aka haɗa kayan. Mai gyaran firjin da ya yi aikin ya zo da baƙin soso na sa wa bututu, mai kauri da siriri, mai kaurin kuwa bai isa duka biyun ba. Yaya ta ce a sa wa na zafi, saboda itace na wuya kuma bututun yana iya ƙona mutum, sanyi kuwa wa ya taɓa ƙonawa? Ya ce shi dai da na sanyin ya fi so, sai ta yi mashi dariya ta ce ko tausayin ruwa yake ji. Ni ma a lokacin maganarta ta yi mani daidai. Aka sa wa na zafi mai kaurin, na sanyi kuma siririn.

Duk rani lafiya lau. Da damina ta yi nisa na fara ganin ɗigo a ƙarƙashin bututun sanyi, bangon ya yi duhu. Na danna da yatsa, ƙasar ta lotsa. Daga ranar na fara tsoron bangon ya rufto wa Gwaggo. Na roƙi Gwaggo ta koma ɗakin Yaya, ta ce ba ta baro garinsu don a riƙa yawo da ita kamar tabarma ba.

Mijin Yaya ya ce abu ne mai sauƙi. Ya naɗe bututun da buhu da tsumma yadda ake yi wa jarkar ruwa, ya ɗaure tamau da roba. Ba a jima ba buhun ya jiƙe sharkaf, yana shayar da bangon fiye da da. Muka tabbata bututun ya huje.

Da mai gyaran ya dawo, ya duba tankin injin ya ce ruwa bai ragu ba. Ya miƙo mani kwalba mai sanyi ya ce in riƙe, nan take ta jiƙa mani hannu.

"Malam, ita ma hujewa ta yi? Ruwan nan na iska ne. Da rani iskar a bushe take, siririn soso ya isa. Yanzu cike take da laima, in bayan soson ya yi sanyi sai raɓa ta sauka a kai."

Ya ce na zafi in rigarsa ta yi siriri, zafi kawai za a rasa, a ƙara itace. Na sanyi kuwa sai an yi mashi kauri har bayan soson ya daina sanyi, kuma a liƙe duk wata gaɓa da gam, don in iska ta sami kafa za ta kai ga ƙarfen ta jiƙa shi daga ciki. Buhu iska na ratsa shi, ɗaurin roba kuma ya matse soson ya rage mashi kauri.

Sai da aka kashe injin bututun ya bushe, aka aika wa matan Fulani su dakata da madara. Gyaran ya kai har cikin bango, don haka dole a janye gadon. Yaya ta durƙusa gaban Gwaggo ta ce, "Gwaggo, ni na zaɓi soson nan. Ki taimake ni kada in zama sanadinki." Gwaggo ta ce a ɗauko mata butarta da carbi, ta koma ɗakin Yaya.

Aka sa soso mai kaurin inci guda, har wuraren lanƙwasa da wurin famfo, aka zura sashen da ke cikin bango a bututun roba, magini ya sake yaɓe. Ɗigo ya tsaya, Gwaggo ta koma ɗakinta.

Sai dai abin da ke cikin bangon ba na ganin shi, kuma gidanmu akwai gara. Na tambayi mai gyaran ko tana cin irin wannan soson, ya ce bai taɓa tona wani ya gani ba. Don Allah, duk wanda ya taɓa buɗe bututun sanyi da ya daɗe a cikin bangon ƙasa, ya sanar da ni yadda ya tarar da shi, kuma ko akwai alamar da mutum zai gani daga waje kafin bango ya jiƙe.